Shaidar Abokin Aiki: Yadda Za Mu Tsaya wa Wanda Aka Sa a Gaba Ba Tare da Mun Jefa Shi ko Kanmu Cikin Haɗari Ba

Jawabin da kwamitin walwala na reshen ƙungiyar malamai ya gabatar a taron wakilan makarantu, Palladan



Kwamitinmu ne ke karɓar koken malamin da aka sa a gaba a wurin aikinsa. Wani, na gaba da shi ne yake tozarta shi a gaban ɗalibai. Wata, ana neman ta da lalata, ta ƙi, sai takardun tuhuma suka fara sauko mata. Wani kuma mahaifin ɗalibi ne ya biyo shi har aji da zagi da barazana. A duk waɗannan koke-koke tambayar farko da muke yi ita ce: wa ya gani? A nan magana takan tsaya. Ɗakin malamai cike yake a lokacin, amma kowa ya sunkuyar da kai a kan littafin darasinsa. Idan an sami mai ƙarfin halin magana, sau da yawa sai bayan wata uku, lokacin da ya manta rana, ya cakuɗa abin da ya gani da abin da aka ba shi labari. Saboda haka jawabinmu na yau a kan abu ɗaya ya tsaya: abin da mai gani zai yi a lokacin da abin ke faruwa, da yadda zai rubuta shaidarsa a ranar, ta yadda za ta yi amfani kuma ba za ta juyo ta cutar da kowa ba.

Domin maganar ta zauna, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Misali ne kawai, ba wata makaranta muke nufi ba. Malamar aji huɗu ce a wata firamare. Wani jami'i da ke gaba da ita ya daɗe yana tare ta da maganganun da ba su dace ba. Ranar wata Talata, an fita tara, ya same ta a ɗakin malamai tana duba littattafai. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kama mayafinta, ya ce idan ba ta zo ta same shi bayan an tashi ba, ta shirya barin makarantar. Malamai biyu suna cikin ɗakin: malamin lissafi da malamar aji biyu.

A lokacin da abin ke faruwa

Abin da zuciya ke raya wa namiji a irin wannan hali shi ne ya tashi ya ci kwalar jami'in. Kada a yi haka. Da zarar hannu ya taɓa jiki, labari ya sauya: gobe takardar da za ta isa ofishin Sakataren Ilimi za ta ce malami ya daki shugabansa, maganar malamar kuwa ta bi ruwa. Kuma shaidar wanda ya shiga faɗa ta rage nauyi, domin za a ce yana da tasa a ƙasa.

Abin da ake bukata shi ne a katse lamarin, a fitar da malamar daga wurin. Hanya mafi sauƙi ita ce a kawo wani zance daban. Malamar aji biyu ta tashi ta ce, “Malama, zo ki taya ni duba rajistar nan, ana jira.” Ta kama hannunta su fita. Ba ta zargi kowa ba, ba ta ba shi abin kamawa ba, amma ya san an gani. Idan mai gani yana da shekaru ko muƙamin da za a ji maganarsa, yana iya faɗa kai tsaye, a taƙaice, da murya a kwance: “Malam, sakar mata mayafi.” Kada ya ƙara da wa'azi ko gori, domin musu ne zai biyo baya. Idan kuwa mai gani sabon ɗauka ne, ko yana tsoron abin da zai biyo baya, ya fita ya kira wani babba. Kiran wani ma taimako ne.

Akwai iyaka. Idan mai barazanar daga waje ya zo, yana riƙe da makami ko yana tare da zugar matasa, babu maganar shiga tsakani. A janye ɗalibai, a rufe ƙofa, a sanar da shugaban makaranta, a kira 'yan sanda ko lambar gaggawa ta 112. Malami ba jami'in tsaro ba ne, kuma yaran da ke ajin amana ce a hannunsa kafin komai.

Bayan ƙura ta lafa

A ranar, a keɓe, wanda ya gani ya sami malamar ya gaya mata abu biyu: na ga abin da ya faru, kuma a shirye nake in faɗa idan kin bukata. Daga nan ya saurara. Kada ya tambaye ta me ya sa ta zauna ita kaɗai, ko me ya haɗa su tun farko. Kada kuma ya ce ta yi haƙuri ta bar wa Allah, domin wannan kalma, ko da kyakkyawar niyya aka faɗe ta, rufe baki take yi.

Shawarar kai ƙara tata ce. Ita ta san mijinta da iyayenta, ita ta san abin da zai faru a gidanta idan labarin ya riga ta isa. Abokin aikin da ya wuce gaba ya kai rahoto ba da saninta ba, ko ya zuba maganar a zauren WhatsApp na malamai, ya ƙwace mata abu na biyu bayan wanda aka ƙwace mata da safe. Magana zarar bunu ce. Ban da haka, kiran sunan mutum da zargi a bainar jama'a kafin bincike yana iya jawo wa mai yaɗawar ƙarar ɓata suna. Inda wannan ƙa'ida ta tsaya shi ne idan rai yana cikin haɗari, ko kuma wanda ake cutarwa ɗalibi ne. A nan sanar da hukuma wajibi ne, ba a jiran izinin kowa.

Taimakon da ya fi amfani a makonnin da ke biye ƙanana ne. A tsara yadda ba za a bar ta ita kaɗai a ɗakin malamai ba. Idan an kira ta ofis, wata malama ta raka ta, ko a bar ƙofa a buɗe. Idan an tashi, a taka mata zuwa bakin titi har ta sami abin hawa. Idan kuwa abin ya kai ga duka ko fyaɗe, asibiti ne farko. Akwai Cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a cikin Zariya, wadda aka kafa domin waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata. Gaggawa a nan tana da dalili: maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, kuma rahoton likita na ranar farko ya fi na bayan mako guda ƙarfi.

Rubuta shaida

Yanzu ga zuciyar jawabin. Ko malamar ta yanke shawarar kai ƙara ko ba ta yanke ba, wanda ya gani ya rubuta abin da ya gani a ranar, kafin ya kwanta, ya ajiye a gidansa. Wannan rubutu yana da gurbi a doka. Sashe na 239 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda mai ba da shaida ya duba abin da ya rubuta a lokacin da abin ya faru, ko jim kaɗan bayan haka, domin ya tuna. Rubutun da aka yi bayan wata uku ba ya samun wannan daraja cikin sauƙi.

Me za a rubuta? Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma dokar ma a kan haka ta tsaya. Sashe na 126 ya ce shaidar baka ta zama ta kai tsaye: abin da aka gani, wanda ya gani ne zai faɗa, abin da aka ji, wanda ya ji da kunnensa. Sashe na 37 da na 38 kuma sun hana karɓar shaidar “an ce”, sai a wasu wurare da doka ta keɓe. Kwamitin bincike na ma'aikata ba kotu ba ne, yana iya sassautawa, amma takardar da aka rubuta domin kwamiti ita ce za ta iya kaiwa gaban alƙali daga baya. Gara a rubuta ta da kyau tun farko.

Ga yadda malamin lissafi zai iya rubutawa cikin fushi: “Kowa ya san halin mutumin nan. Ya daɗe yana takura wa mata. Ranar nan ma ya so ya ci mutuncin malamar aji huɗu, Allah ya sa muna wurin.” Wannan magana ce ta mai kishi, amma babu abin da kwamiti zai riƙe a cikinta. Babu rana, babu wuri, babu aikin da aka yi. “Kowa ya sani” jita-jita ce. “Ya so ya ci mutuncinta” hukunci ne a kan abin da ke zuciyar mutum, wanda ido ba ya gani.

Ga kuma wadda za ta tsaya. Bayan ya rubuta sunansa da muƙaminsa da makarantarsa, sai ya ce: “Ranar Talata, kaza ga watan kaza, da misalin ƙarfe 10:20 na safe, lokacin tara, ina zaune a ɗakin malamai a teburin da ke kusa da taga. Na san lokacin ne domin an kaɗa ƙararrawa ba da jimawa ba. Malamar aji huɗu tana teburin da ke kusa da ƙofa, tsakanina da ita kamar taku biyar, babu abin da ya tare ni. Malamar aji biyu tana ɗakin. Jami'in ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Na ga ya kama gefen mayafinta da hannun dama. Na ji ya ce, ‘Idan ba ki zo kin same ni bayan an tashi ba, ki shirya barin makarantar nan.’ Ta ce, ‘Sake ni.’ Ya ƙara wata magana a hankali wadda ban ji ba. Malamar aji biyu ta kira ta suka fita. Da ta dawo na ga idanunta sun yi ja, hannunta yana rawa.” Sai ya sa hannu, ya rubuta rana da lokacin da ya yi rubutun.

Mu lura da abin da ya ba wannan rubutu ƙarfi. Ya faɗi inda yake zaune da tazarar da ke tsakani, saboda haka an san zai iya gani da ji. Ya kawo kalmomin kamar yadda aka furta su, da harshen da aka furta su. Idan takardar da Turanci za a miƙa ta, a bar kalmomin da Hausa, a sa fassara a gefe, domin fassara takan rage zafin magana ko ta ƙara mata. Ya siffanta idanu da hannu, bai ce “ta tsorata” ba. Mafi muhimmanci, ya ce akwai maganar da bai ji ba. Mai shaidar da ya nuna iyakar abin da ya sani, an fi gaskata shi a kan sauran.

Kuskure uku ne suka fi rusa shaida. Na farko shi ne ƙari. Mutum yana son ya taimaka, sai ya ce ya ga an taɓa jikinta alhali mayafi ya ga an kama. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sashe na 232 na dokar ya ba ɗaya ɓangaren damar yi wa mai shaida tambayoyi a kan abin da ya taɓa rubutawa, kuma saɓani ɗaya ya isa a sa shakka a kan gaskiya goma, a kan malamar kanta ma. Na biyu shi ne haɗa baki. Malamin lissafi da malamar aji biyu kada su zauna su rubuta tare, kada ɗaya ya karanta na ɗaya. Idan ɗaya ya ce 10:20 ɗaya ta ce wajen goma da rabi, wannan ba illa ba ce, haka idanun mutum biyu suke. Takardu biyu masu kalmomi iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe su ne ke nuna an kitsa. Na uku shi ne gyaran rubutu daga baya. Idan an tuna wani abu, kada a goge ko a sake kwafe takardar. A rubuta ƙari a wata takarda da sabuwar rana.

Idan akwai saƙon waya ko hoto ko murya, kada a goge, kada a yanke, kada a tura wa jama'a. Sashe na 84 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura, har da bayani a kan na'urar da ta samar da shi, don haka wayar da saƙon ya shigo cikinta a adana ta. Ɗalibai kuma kada a tara su ana tambayarsu me suka gani. Idan akwai yaron da ke wurin, a rubuta cewa yana wurin, a bar wa masu bincike da iyayensa sauran.

Miƙa shaida da abin da ke biyo baya

Idan malamar ta kai koke, wakilin ƙungiya na makarantar shi ne tsani na farko. Idan wanda ake ƙara shi ne shugaban makaranta, ba ta hannunsa takarda za ta bi ba. Ga malaman firamare hanya ita ce ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumar Sabon Gari, daga nan zuwa hukumar SUBEB a Kaduna. A miƙa kwafi, a riƙe na asali. A je da kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi da rana a kan wanda za a dawo da shi. Takardar da ba ta da shaidar karɓa, ana iya wayar gari a ce ba a taɓa ganinta ba.

Idan maganar ta kai ofishin 'yan sanda, domin Jihar Kaduna tana da dokarta ta hana cin zarafin mutane tun 2018, mai shaida ya tafi da wakilin ƙungiya ko lauya. Ya rubuta bayaninsa da hannunsa idan zai iya. Idan wani ne ya rubuta masa, a karanta masa da harshen da yake ji, ya gyara abin da ba haka ya faɗa ba kafin ya sa hannu. Kada ya sa hannu a farar takarda, kada ya bar fili tsakanin layin ƙarshe da sa hannunsa.

Akwai gaskiyar da ba za mu ɓoye muku ba. Ba za mu iya yi wa mai shaida alkawarin cewa wanda ake ƙara ba zai san sunansa ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, a 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai saboda ba a bi wannan ƙa'ida ba wajen bincikensu. Darasin shi ne, hukuncin da aka gina a kan shaidar ɓoye, wadda ba a ba mutum damar amsawa ba, yana iya rushewa a kotu, mai laifi ya dawo kujerarsa. Wannan ƙa'ida ita ce kuma za ta kare kowannenmu ranar da aka yi masa ƙazafi.

To, ina kariyar mai shaida? Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019 kuma Nijeriya ta rattaba mata hannun tabbatarwa a 2022, ta ambaci masu shaida a cikin waɗanda dole a kare daga ramuwar gayya. Sashe na 254C na Tsarin Mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kaduna, hurumin shari'ar cin zarafi a wurin aiki da kuma duba irin waɗannan yarjejeniyoyi. A 2013 kotun ta yanke hukunci a shari'ar Ejieke Maduka da kamfanin Microsoft na Nijeriya, ta ba ma'aikaciyar gaskiya a kan cewa an sallame ta ne bayan ta ƙi amincewa da neman da shugabanta yake yi mata.

Sai dai kotu tana da nisa, ramuwar gayya kuwa a kusa take, kuma ba ta zuwa da sunanta. Takan zo a matsayin takardar tuhuma a kan makarar minti biyar da a da ba a kulawa da ita, ko canjin wurin aiki zuwa makaranta mai nisa a tsakiyar zango, ko fayil ɗin ƙarin girma da ya ɓace. Ana gane ta ne ta hanyar jera ranaku: yaushe aka ba da shaida, yaushe matakin ya biyo, kuma an yi wa sauran malamai irinsa? Saboda haka wanda zai ba da shaida ya fara gyara nasa gidan. Ya riƙa sa hannu a littafin zuwa aiki a kan lokaci, tsarin darasinsa ya zama cikakke, ya ajiye kwafin takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girmansa na ƙarshe a gida. Idan takardar tuhuma ta zo, kada ya ƙi karɓa. Ya amsa a rubuce cikin wa'adin da aka ba shi, da ladabi, ya kawo wa reshe kwafi a ranar.

A namu ɓangaren, abin da muke nema daga wakilan makarantu shi ne kada a bar mai shaida ya shiga gaban kwamiti shi kaɗai, kuma ranar da ya ba da shaida a sanar da sakataren reshe a rubuce, domin idan wani mataki ya biyo baya, ranar tana cikin fayil ɗinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ɗaya ana iya tura shi ƙauye a ce tsarin aiki ne. Mutum biyu da suka rubuta daban-daban, da takarda mai hatimi, da ƙungiya a bayansu, taɓa su sai an yi bayani.

Muna roƙon kowane wakili ya karanta misalin shaidar nan a taron malamai na makarantarsa kafin ƙarshen zango. Wanda yake da tambaya a kan wani lamari na musamman, kada ya kawo shi a wannan zaure. Ya same mu a keɓe bayan an tashi.